Kafin Almakashi Ya Taɓa Yadi: Nasiha Ga Matasan Teloli Kan Karatun Zanen Riga

Telan da ya tashi a Kano ko Zariya ya saba da hanya ɗaya ta karɓar aiki. Mai kaya ya zo da shaddarsa daga Kantin Kwari, a ɗora masa tef, a rubuta tsawo da kafaɗa da hannu da wuya a littafi, ya ce "irin na wancan karon," shi ke nan. Amma aikin da ke da tsoka a yanzu, kamar yunifom ɗin makaranta, rigunan ma'aikatan otel, ko odar wata mai sayar da sutura a Abuja ko Legas, ba da mutum yake zuwa ba. Da takarda yake zuwa, ko ya sauka a waya. A takardar akwai riga da aka zana kamar an shimfiɗa ta a kan tebur, gaba da baya, babu jiki a cikinta, babu launi ko inuwa. A gefenta kuma akwai jerin lambobi da 'yan gajerun bayanai.

A nan ne yara masu hannu mai kyau suke yin tuntuɓe. Yaro ya kalli zanen na minti ɗaya, ya ce ai wannan shat ce, ya ɗinka irinta ba adadi, ya ɗauki alli. Ɗana, wannan takardar ba hoto ba ce da za a kwaikwaya da ido. Umarni ce a rubuce, kuma ranar karɓar kaya da ita za a yi maka hisabi, layi bayan layi.

A ɗauki misali guda a bi shi har ƙarshe. Wata makarantar sakandare ta ba da ɗinkin riguna 120 na ɗalibai maza, masu gajeren hannu da kwala da aljihu ɗaya. Kowace riga za ta ci kusan yadi ɗaya da rabi, wato yadi 180 ke nan a kan tebur. Duk kuskuren da aka yi a karatun takardar, sau 120 za a maimaita shi.

Abin da ya kamata matashi ya fara koya shi ne cewa layukan zanen ba iri ɗaya ba ne. Layi mai kauri da ya zagaye rigar yana nuna bakinta ne, inda yadi ya ƙare. Layi siriri wanda bai tsinke ba a cikin rigar yana nufin haɗi, wato a nan ƙyalle biyu suka gamu aka ɗinke su. Layi mai tsinke-tsinke kuwa ɗinkin sama ne, zaren da ake gani a fuskar riga. Idan layin tsinke-tsinken guda biyu ne suna tafiya tare, to ɗinki biyu ake so a jere, ko da keke mai allura biyu ko a bi sau biyu da hannu mai natsuwa.

A bayan wannan rigar ta makaranta akwai layi siriri da ya ratsa daga hannu zuwa hannu, ƙasa da kwala da kamar faɗin tafin hannu, sannan layin tsinke-tsinke a samansa kaɗan. Wanda ya iya karatu ya san bayan rigar ba falle ɗaya ba ne. Akwai ɓangaren kafaɗa da ake yankawa daban, wanda teloli ke kira yok, a haɗa shi da sauran bayan, sannan a bi haɗin da ɗinkin sama. A ƙarƙashinsa, daidai tsakiya, akwai 'yan layuka biyu gajeru da suka sauko suka ɓace. Wannan ninki ne, kuma ninki yadi yake ci. Idan bayanin ya ce faɗinsa santimita 3 ne, sai an ƙara santimita 6 a faɗin bayan kafin a yanka, domin ninkin da ya kwanta ta gefe biyu yana haɗiye ninki biyu na faɗinsa. Yaron da bai lura da waɗannan layuka ba zai yanka baya falle ɗaya, ya ɗinka riga mai tsabta, mai kyan gani, wadda ba ita aka ce ya ɗinka ba.

Wani abu da ake rainawa: yadda zanen ya iso hannun tela. Masu zane kan yi aikinsu a kwamfuta da manhaja irin Adobe Illustrator, layukan su fito tsaf. Amma idan aka ɗauki hoton allo aka turo ta WhatsApp, wani ya sake turawa, layin tsinke-tsinke yakan dushe ya koma kamar layi ɗaya, allura biyu ta koma allura ɗaya. Mai hankali yakan roƙi a turo masa PDF, ya je shagon kwamfuta a buga masa a takarda, ya manna ta a bango kusa da teburin yanka.

Sai maganar hagu da dama, wadda ta ba teloli da yawa kunya. A zanen gaba, aljihun yana ɓangaren daman mai kallo. Bayanin gefe kuma ya ce aljihu a hagu. Yaro sai ya ga kamar takardar ta saɓa wa kanta. Ba ta saɓa ba. A wannan sana'a, hagu da dama na mai sanye da riga ake nufi, kuma zanen gaba kamar mutum ne yana fuskantarka, hagunsa yana damanka. Haka ma maɓalli. A rigar maza ta irin wannan ɗinki, ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama, gidajen maɓalli a hagu, maɓallan a dama. A ta mata akasin haka aka saba. Makarantar da ke da maza da mata za ta iya turo zane biyu da suka yi kama ƙwarai, bambancinsu wannan hawan kaɗai.

Inda ya fi dacewa a tsaya a daɗe shi ne jerin awo, domin a nan yadi ke salwanta.

A takardar an rubuta cewa ƙirjin matsakaiciyar riga, mai lamba M, santimita 52 ne. Telan gida ya saba da awon jiki: ya zagaya tef a ƙirjin mutum, ya ƙara sakewa yadda ya ga dama, ya raba huɗu, ya zana. Lambar da ke takardar ba ta cikin wannan tsarin. Da fari, awon riga ne bayan an gama ɗinka ta, ba awon jikin ɗalibi ba. Na biyu, rabi ne. Ana balle maɓallan, a shimfiɗa rigar a tebur, a auna daga gefe zuwa gefe. Saboda haka zagayen rigar santimita 104 ne, kusan inci 41. Ɗalibin da za ta dace da shi ƙirjinsa bai wuce santimita 92 ba, ragowar 12 ɗin ita ce sakewar da mai zane ya riga ya saka a ciki.

Ga yadda kuskuren ke aukuwa. Yaro ya gane cewa 52 rabi ne, ya ninka ya sami 104, ya ji daɗi ya ci jarrabawa. Sai al'ada ta ja hannunsa ya ƙara inci 4 na sakewa, kamar yadda maigidansa ya koya masa a ɗinkin kaftani. Inci 4 kusan santimita 10 ne. Rigar ta koma 114 a zagaye, 57 a shimfiɗe. Idan tsakanin lamba da lamba a wannan takardar santimita 2.5 ne, to M 52, L 54.5, XL 57. Wato ya ɗinka XL ya liƙa mata alamar M. Wannan ma da sauƙi, ana iya farkewa a rage, ko da yake farke riguna 120 ba wasa ba ne. Wanda ya rage a inda bai kamata ba, shi kam babu gyara, sai sabon yadi daga aljihunsa.

Lamba kuma ba ta cika sai an san daga ina zuwa ina aka auna ta. Mafi yawan takardu kan ce a auna ƙirji inci ɗaya, ko santimita 2.5, ƙasa da hammata. Wasu kan ce daidai hammata. Tsawon riga kuwa an rubuta 70, a gabansa haruffa uku, HPS. Waɗannan haruffa suna nufin ƙololuwar kafaɗa, wurin da kafaɗa ta gamu da wuya. Idan aka ga CB, tsakiyar baya ake nufi, daga gindin kwala. Tsakanin wuraren biyu akwai tazarar da kan kai santimita 2, kuma ta isa a mayar wa mutum da kaya. A riga mai yok akwai ƙarin tarko, domin haɗin kafaɗa yakan gangaro gaba kaɗan. Ba daga haɗin ake aunawa ba, daga inda rigar ta ninke da kanta a saman kafaɗa idan an shimfiɗa ta.

Haka aljihu. Takardar ta ce santimita 20 daga HPS, santimita 6 daga CF. CF tsakiyar gaba ce, layin da maɓallai ke jeruwa a kai, ba bakin yadin ba. Idan faɗin mazaunin maɓallan santimita 3 ne, bakin yana santimita ɗaya da rabi gaba da tsakiya. Wanda ya auna daga baki zai matso da aljihu kusa da maɓalli da wannan tazarar, kuma bajen makaranta da ke kan aljihun zai tona asirin tun daga nesa, ranar da ɗalibai suka yi sahu.

Telolin Maraɗi da Damagaram ba su da matsala da santimita, da ita suka tashi. Na Najeriya inci ne a bakinsu, shi ya sa da yawa kan zauna su mayar da jerin awon gaba ɗaya zuwa inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne daidai. Idan aka raba 52 da shi, za a sami inci 20 da kusan rabi. Yaro mai gaggawa ya ce a bar shi 20, ai rabin inci ba komai ba ne. Inci 20 santimita 50.8 ne, ya rage 1.2 ke nan tun bai kunna keke ba. Abin dariya shi ne, yawancin tef ɗin da ke rataye a wuyan teloli inci ne a fuska ɗaya, santimita a ɗaya fuskar. Juya shi kawai ake bukata.

Me ya sa 1.2 ta zama abin magana? Saboda layin ƙarshe na jerin awon, wanda aka rubuta TOL a kansa. Wannan shi ne rangwamen da mai aiki ya yarda da shi, domin ya san yadi ba ƙarfe ba ne. A ƙirji ya rubuta ±1, ma'ana daga 51 zuwa 53 duk karɓaɓɓe ne. A kwala yakan fi tsanani, kamar ±0.5, domin wuya ba ya yafe kuskure. Rangwamen nan an ajiye shi ne don abin da ya fi ƙarfin tela, kamar miƙewar yadi da zafin guga. Wanda ya cinye shi tun a lissafi, ba shi da abin kare kansa idan aka zo ɗinki.

Ɗinkin ma yana da nasa cin. Zanen ba ya nuna alawus, wato ragowar yadin da ake bari a bayan layin ɗinki. A bayanan gefe ake rubuta shi, kuma a aikin masana'anta santimita ɗaya ne aka fi sabawa da shi a haɗin gefe. A ce an yanka da alawus na santimita ɗaya, sai mai keke ya ɗinka a kan ɗaya da rabi domin haka hannunsa ya saba. Rabin santimita ne kawai, amma baki huɗu ne, biyu a kowane gefe. Santimita 2 sun tafi daga zagaye, ɗaya daga shimfiɗe. Riga ta tsaya a 51, daidai bakin iyaka. Idan yadin auduga ne da ba a gwada jansa a wanki ba, wankin farko zai ƙarasa ta. Shi ya sa tsofaffin hannu ke yanko ƙyalle, su zana murabba'i na santimita 50 a kai, su wanke, su shanya, su goge, su sake aunawa kafin su yanka riga ko ɗaya.

Wani gajeren gargaɗi: kada a ɗora rula a kan zanen a ce za a ciro awo. Ba lallai ne an zana shi bisa ma'auni ba. Zane yana nuna siffa da tsarin haɗi, lambobi ne ke faɗin girma. Idan hannun rigar ya yi kamar dogo a zane amma jerin awo ya ce 22, to 22 ɗin ne.

Bayanan ɗinki sukan zo da lambobin da ke tsorata sabon shiga, alhali abin da yake yi kullum ne aka ba wa lamba. Akwai ƙa'idar duniya mai suna ISO 4915 da ta jera nau'o'in ɗinki. Lamba 301 ita ce ɗinkin keken da ke kowane shago, zare ɗaya a allura, ɗaya a ƙasa. Lamba 504 ita ce wibin mai zare uku da ake bi bakin yadi da shi don kada ya zare. Lamba 516 kuwa zare biyar ce, tana haɗawa tana kuma rufe baki a tafiya ɗaya. Idan takarda ta nemi 516 a gefe, shago kuma ba shi da wannan injin, ba a yin shiru a yi abin da ya samu. A kira mai aiki a tambaye shi ko zai karɓi 301 da 504 a bayansa. Sau da yawa zai karɓa, amma yana so ya ji kafin, ba bayan ba. SPI 12 kuma na nufin sukan allura 12 a kowane inci. A ɗinka a kan ƙyalle, a ɗora tef, a ƙirga. Mai gaggawar Sallah ya saba buɗe keke zuwa 7 ko 8 don ya yi sauri, kuma mai duba kaya da ya san aikinsa wurin da zai fara kai ido ke nan. Girman maɓalli ma da lamba yake zuwa: 18L kusan milimita 11 da rabi ne, girman da aka saba gani a gaban shat.

To, ta yaya maigida zai san yaronsa ya karanta takardar, ba kallonta kawai ya yi ba? Ya sa shi ya faɗe ta da baki. Iya bayyana zane rabin sana'ar ne, domin mai yanka daban, masu keke daban, mai gidan maɓalli ma wataƙila a wani layin kasuwa yake, kuma ba dukansu ne za su riƙe takardar ba. Bayani mai kyau yana da tsari: a faɗi wace irin riga ce, a bi gaba daga sama zuwa ƙasa, a juya baya, a shiga ciki, sannan a kawo lambobi. Yaron da ya ƙware zai ce:

"Maigida, shat ce ta maza mai gajeren hannu. Kwala mai ƙafa ce, gida biyu, da gam a ciki, ɗinkin sama ɗaya a bakinta. Hagu ke hawa kan dama, maɓalli shida a gaba, ɗaya a ƙafar kwala. Gidajen na gaba a tsaye suke, na kwala a kwance. Aljihu ɗaya a hagun mai sawa, faɗi 12, tsawo 13, gindinsa mai tsini. Baya akwai yok ninki biyu da ninki ɗaya a tsakiya. Kalmasar hannu santimita 2.5, ta ƙasa ɗaya, ƙasan kuma zagayayye ne, ba miƙaƙƙe ba."

Wanda ya ji wannan zai iya zana rigar bai ga takardar ba. A gwada shi da "shat ce dai irin ta 'yan makaranta, mai aljihu," a ga bambanci. Kuma a cikin faɗin ne giɓi ke bayyana. Yaro zai zo kan yok ya tsaya, domin zanen waje bai nuna ko falle ɗaya ne ko biyu ba, bayanin ma bai ce komai ba. Ko ya ƙirga maɓalli shida a zane, jerin kayan aiki ya ce bakwai, sai ya gane na kwala ne cikon, ko kuwa akwai na ajiya da ake liƙawa a ciki. Masu zane ma 'yan Adam ne, sukan kwafi tsohuwar takarda su manta su gyara wani layi.

'Yata, ke da kika buɗe shago kina neman odar farko, kada kunya ta hana ki tambaya don gudun a ce ba ki iya ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Mai ba da aiki ya fi natsuwa da telar da ta turo tambayoyi uku masu ma'ana a kan wadda ta ce "ba matsala" ga komai. Sai dai a tattara tambayoyin wuri ɗaya, a tura a rubuce, a ajiye amsar. Maganar baki a waya takan canza kama ranar da rigima ta tashi. A kuma duba kwanan wata ko lambar gyara da ke saman takardar, domin yakan faru a aiko da zane na biyu bayan an canza faɗin aljihu, shago kuma yana can yana aiki da na farko da ke manne a bango.

Bayan duk wannan, ba a hau kan yadi 180 kai tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana ɗinka riga ɗaya tak, lamba M, da ainihin yadin da ainihin zaren, a goge ta, a bar ta ta huce, a balle maɓallanta, a shimfiɗa a tebur ba tare da an ja ta ba. Sai a bi jerin awon daga sama har ƙasa, kowace lamba a rubuta abin da tef ya nuna a gefen abin da takarda ta nema. Idan ƙirji ya ba da 51.5, ya shiga. Idan kwala ta ba da 39 inda ake neman 38, ba ta shiga ba, kuma gyaran a fatan za a yi shi, ba a jikin samfurin kaɗai ba, in ba haka ba duka 120 ɗin za su fito da aibin. Daga nan a kai wa mai aiki samfurin ya gwada wa ɗalibi, ya sa hannu a takardar ko a ƙyallen da aka liƙa wa rigar. Wannan rigar ba ta shiga cikin waɗanda za a miƙa. A shago take zama a rataye kusa da masu keke, kuma duk bayan riguna goma ana ciro ɗaya daga cikin waɗanda aka gama a auna ƙirjinta da tsawonta da kwalarta a gwada da ita.